Sunana Babu Sunan Garinmu

Ina tsakiyar wanke hannu bayan na karɓi haihuwa wayata ta yi ƙara a aljihu. Na ɗauka maigidana ne zai tambaye ni inda ya ajiye makullin babur ɗinsa, don shi kullum ni ce mai gadin abin da ya yar da hannunsa. Sai na ji baƙuwar murya, Hausarsa irin ta Kano, yana tambaya ko ni ce wance. Na ce ni ce. Ya ce shi editan mujallar nan ne ta intanet da na aika wa labari a gasar gajerun labarai, kuma labarina ya zo na biyu. Za su buga shi, sannan wani gidan rediyo a Sakkwato zai karanta wa jama'a.

Na yi wata irin guɗa da ban san ina da ita ba. Mai jego ta ɗago kai a firgice, uwar mijinta da ke bakin ƙofa ta faɗo ɗakin tana tambaya ko akwai wani a ciki ne, tagwaye ne? Na ce mata a'a Inna, ɗaya ne, ni ce na haihu. Tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa, ta ja jikarta ta rungume, alamar ba ta yarda a bar jaririya kusa da ni ba.

Lokacin ina aikin ungozoma a Isa, a wani ƙaramin asibiti da wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje take ɗaukar nauyinsa. Na ambaci Isa ne saboda na bar can. Ƙauyenmu kuwa yana ƙasar Sabon Birni, can bayan Tsamaye, kuma ƙauyukan da ke wannan yanki suna da yawa, mai karatu ya zaɓi wanda ya yi masa. A can mahaifina yake zaune har yau, yana noman gero da dawarsa. Mun yi mun yi ya dawo Isa ya ƙi. Ya ce shi ba zai tsufa a ɗakin haya yana jiran surukinsa ya sayo masa tsaba a mudu ba.

Labarin da na rubuta ba na kuka ba ne. Kowa ya ji an ce marubuciya daga wajenmu, hawaye yake jira, ni kuwa na gaji da hawaye a wurin aiki. Na rubuta labarin wani ɗan tauri ne mai cika baki, wanda wuƙa ba ta cinsa, ya kawo matarsa haihuwa, aka ce za a ɗebi jininsa, yana ganin allura ya zube ƙasa sumamme, har mai naƙuda ta sauko daga gado tana yi masa fifita da gyalenta. Rabinsa a gabana aka yi, rabi na ƙara gishiri.

Kafin editan ya ajiye waya ya ce in turo masa hotona da taƙaitaccen tarihina, 'yan layuka kawai, waɗanda za a sa a ƙarƙashin labarin, kuma mai karantawa a rediyo zai fara da su. Ya ce in rubuta kamar wani ne yake ba da labarina.

To, ai nan ya taɓo ni. A ce wa Bagobira ta yi wa kanta kirari da bakin wani? Ranar ban yi girki ba, shinkafa da wake na aika aka sayo. Na zauna a tabarma da waya na fara. Na sa cikakken sunana. Na sa sunan Baba da na kakana da sarautar da kakan ya taɓa riƙewa ta noma, wadda ko a ƙauyen an manta da ita. Na sa makarantun da na yi tun daga firamare. Na sa sunan ƙungiyar da nake wa aiki da Turanci, na fassara shi da Hausa don kada wani ya tsira. Na sa unguwar da nake zaune, na ce ina da aure da 'ya'ya uku, na sa inda maigidana yake koyarwa. Har na rubuta cewa tana son fura da nono mai sanyi. Maigidana ya leƙo ya karanta ya ce abin da ya rage kawai in faɗa musu inda muke ɓoye makullin gida. Muka yi dariya mu biyu, wallahi dariya muka yi, ko a jikinmu.

Washegari na ɗauki kayan aikina na goge su sai ƙyalli, na tafi wurin mai hoto. Na rataya katin aiki a wuya, na gyara shi tambarin ƙungiya ya fito sosai. Mai hoto ya ce in juya gefe kaɗan, na ce a'a, gaba da gaba, zanen fuskata ya fito duka. Kakata ce ta sa aka yi mini shi ina jaririya, kuma ina cikin na ƙarshe da aka yi wa a gidanmu, ban ga dalilin ɓoye shi ranar da duniya za ta gan ni ba.

Sai sabis ya ɗauke. Wanda ya zauna a Isa ya san halinsa, yana zuwa yana tafiya kamar baƙon da ba ya sallama. Na danna aikawa, abu ya yi ta juyawa. Na fita tsakar gida na ɗaga waya sama. Na hau turmi. Na je bayan masallaci inda ake cewa yana kamawa, na tarar da mutane sun yi cirko-cirko kowa hannu a sama kamar masu roƙon ruwa. Babu zagin da ban yi wa kamfanin waya ba. Kwana biyu saƙona yana zaune a waya, ni kuma ina kumbura.

Da abin ya ishe ni na ce, in duniya ba za ta karanta ba, ai 'yan asibiti suna da kunne. A ɗakin gwajin jini akwai wani Bayarabe haifaffen Sakkwato, wanda Sakkwatancinsa ya fi nawa kauri. Tsakanin Gobirawa da Yarbawa kuwa wasa ne tun kaka da kakanni, kullum sai ya kira ni baiwarsa, ni kuma in ce masa bawa ba ya magana uwargijiyarsa na tsaye. Na same shi yana cin rogo da ƙuli, na ce ya miƙe tsaye a karanta masa tarihin manya.

Na karanta ina kaɗa kai. Da farko yana dariya, yana cewa a gaishe da jikar Sarkin Noma. Da na zo kan sunan ƙungiya ya daina tauna. Da na nuna masa hoton ya tashi ya tura ƙofa.

Ya ce, "Bagobira, kin aika wanga abu?"

Na ce sabis ya hana.

Ya ce, "To tahi ki yi sadaka, ki kuma nemi gahwarar kamhwanin waya da kinka zaga. Wa kinka rubuta ma wannan, mujalla ko mutanen daji? Kin hwaɗa musu ke ungozoma ta, kina aiki da Turawa, kin ci gasa, ga sunan tsohonki, ga ƙauyenai. Mi yar rage su yi? Ko man babur ba su ɓatawa wurin nema."

Ba wani sabon abu ya faɗa mini ba. Na san 'yan bindiga suna neman ma'aikatan lafiya don su duba musu marasa lafiyarsu a daji. Na san idan za su ɗauki mutum sukan fara tambayar wa yake da shi a birni, ɗansa me yake yi, 'yarsa ina take aiki, da wannan suke yanka abin da za su nema. Na san ba su da bukatar karanta mujalla, da ɗan gari akan ci gari, akwai mai karanta musu. A ƙauyenmu an san ina aikin asibiti a Isa, iyakar abin da aka sani ke nan, kuma aikin asibiti ba ya tayar wa kowa da hankali. Amma a wurin mutanenmu duk wanda yake aiki da Turawa dala yake kwasa, duk wanda aka faɗi sunansa a rediyo ya yi arziki. Ni ina cikin gari. Baba ne yake kwana a gidan da katangarsa ta kara ce. Duk na san wannan, har mu kan yi wa sababbin ma'aikata huɗuba a kai, amma murna ta rufe mini ido ruf. Kunya ta kama ni, tsoro kuma ya biyo baya. Na goge saƙon nan take, kafin sabis ya ga dama ya dawo.

Muka zauna yankan tarihi, shi yana cin rogonsa. Sunan ƙungiya ya fara fita, dama dokar aikinmu ta hana a haɗa sunanta da harkar mutum ta kansa ba da izini ba, na sa hannu a kan haka, na manta. Unguwa ta fita, makarantar maigida ta fita, 'ya'ya suka fita. Kakana da sarautarsa suka koma kabari. Na ce a bar mini ungozoma, ai ba laifi ba ne. Ya ce in ƙirga ungozomomin Isa masu rubuta labari. Na ƙirga, na tsaya a kaina. Abin da ban taɓa lura da shi ba ke nan, kowane ɗaya shi kaɗai ba ya nuna kowa, amma in aka jera sana'a da gari da zanen fuska sai su tsaya a ƙofar gida ɗaya. Na roƙe shi ya bar mini fura da nono. Ya ce wannan kam ya yafe wa baiwarsa, duk ƙasar Hausa ana shan fura.

Muna cikin haka ya sa yatsa a kan layin farko, ya ce saura wannan. Na duba, sunana ne.

A wajenmu yaro idan ya shiga makaranta, sunansa ake rubutawa, sai na mahaifinsa, sai sunan garinsu a ƙarshe. Haka yake a takardun shaidata duka, haka yake a katin aikina, haka na sa a kan labarin. Sunana na yanka kowane gida akwai mai shi, sunan Baba ma in ka kira shi a kasuwa mutum goma za su waiwayo. Amma na ukun, ƙauyenmu ne ɗungurungum. Duk wahalar da muka sha ta yanka banza ce muddin yana nan.

Ban iya cire shi a ranar ba. Na ce sai na ga Baba.

Kafin nan sabis ya dawo, edita ya kira yana neman saƙonsa. Na yi masa bayani. Mutumin kirki ne, amma edita ne. Ya ce, "Haba Malama, ai ke ce labarin! Ungozoma daga yankin da ake fama, tana rubuta abin dariya. Mutane za su so su san ki. Ko sunan ƙaramar hukumar kawai mu sa?"

Na ce masa, "Malam, ku in kun buga kun wuce wurin. In wani ya ɗauki hoton shafin ya tura a waya, ko kun goge daga baya ya riga ya tafi. Ni mahaifina a can yake kwana."

Sai ya ba ni haƙuri. Ya ce su a ofis suna bukatar cikakken sunana da shaidata don su tabbatar ni ce, amma wannan tsakaninmu ne, abin da za a buga kuma sai wanda na amince da shi. Ya ce zai turo mini in gani kafin ya fita, kuma zai gaya wa 'yan rediyo kada su ƙara ko kalma. Na ce hira ma ba zan yi ba, muryata ko akuyar gidanmu ta san ta. Maimakon hoto suka ce za su sa zanen ɗan tauri a kwance. Na yi baƙin cikin hoton nan ƙwarai, don ban taɓa yin kyau irin na ranar ba. Na shiga shafukana na sada zumunta ma na share wurin aiki da garin haihuwa, waɗanda suka shekara a buɗe ban kula ba.

Baba yakan zo Isa karɓar maganin hawan jini idan hanya ta yi kyau, cikin ayarin motocin 'yan kasuwa. A makon ya zo. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, uwata yake ce mini. Na bari ya ci abinci ya sha ruwa, sannan na faɗa masa na ci gasa, za a karanta labarina a rediyo.

Ban taɓa ganin Baba haka ba. Dattijon da ko ranar aurena bai yi murmushin kirki ba, sai ga shi ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce a rediyo? Wannan rediyon da kowa ke ji? Ya ce in karanta masa. Na karanta, da aka zo inda ɗan tauri ya faɗi ya yi dariya har da tari, yana dukan cinya yana cewa ya san irinsu, ya san irinsu. Nan take ya fara shiri. Zai sayi sabon batir, zai fitar da rediyo gindin bedi, wato darbejiya, inda suke zama bayan la'asar, zai aika a kira liman da mai unguwa. Akwai wani tsoho abokin adawarsa tun suna samari, wanda ya taɓa cewa karatun 'ya mace asarar alli ne, Baba ya ce shi a kusa da lasifika zai zaunar da shi.

Ya ce, "Su ji an kira sunan garinmu ga abin kirki. Kullum in anka hwaɗe mu ga rediyo, sai an kashe, an kwashe, an ƙone. Yau kau ɗiyata ta ja muna suna."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Baba, ba za a hwaɗi garinmu ba. Za ni cire shi daga sunana."

Ya dube ni kamar na yi wani yare. Na yi masa bayani kamar yadda aka yi mini, a hankali, ina kallon tabarma. Bai bukaci dogon bayani ba, ya fi ni sanin waɗanda aka ɗauka da dalilin ɗaukarsu. Amma sani daban, haɗiyewa daban.

Ya ce, "Ni nik kai ki makaranta da ƙahwata. Malam yat tambaye ni mi za a rubuta, nic ce shi sa garinmu, don duk inda kinka kai a san inda kinka hito. Yanzu kin kai, shi na za ki yar?"

Na ce, "Ba yarwa za ni yi ba, Baba, ajiyewa za ni yi. Ɗan kuka shi ka ja ma uwatai jihwa. Ban son in zama shi."

Ya ce shi ba ya tsoron kowa sai Allah. Na ce na sani, ni ce nake tsoro. Na ce masa idan aka taɓa shi saboda layi ɗaya da na rubuta, ba zan sake riƙe alƙalami ba, ba zan kuma yafe wa kaina ba. Na ƙara da cewa ba sunan kawai ba, shi ma ba zai faɗa wa kowa 'yarsa ce ba, ko liman. Nan ne ransa ya ɓaci sosai. Ya ce to mene ne amfanin a yi wa mutum haihuwa a hana shi suna. Ya tashi ya shiga ɗaki ya kwanta da rana tsaka, abin da ba ya yi. Da safe da zai tafi na raka shi tasha, bai ce mini komai a kan maganar ba sai da ya shiga mota. Ya leƙo ta taga ya ce, "Wace rana ta, kuma ƙarhe nawa?" Na faɗa masa.

Abin da aka buga a ƙarshe layi biyu ne. Sunana da na Baba, sannan aka ce marubuciya ce daga arewacin jihar Sakkwato, tana son labaran ban dariya da fura da nono, wannan ne labarinta na farko. Na karanta shi ban san sau nawa ba, ina jin kamar an aske mini kai, amma duk da haka ina tsalle. Ranar da aka karanta a rediyo muka rufe ƙofar gida, ni da maigida da yara. Mai karantawa ya iya, ya yi muryar ɗan tauri har da gurnani. Na yi ta birgima a tabarma ina toshe baki da filo, don maƙwabciyata kunnenta kamar na zomo. Daga gidanta ma ina jiyo dariya, tana kiran mijinta ya zo ya ji. Da yamma ta leƙo ta ba ni labarin duka daga farko, ta ɓata wurare biyu, ta ce mai sunana ce ma ta rubuta, ina ma ni ce. Na ce ina ni ina rubutu, ni da ko saƙon waya sai na yi kuskure. Bayarabe kuwa washegari da safe a asibiti ya rusuna har ƙasa a gaban mutane ya ce a gaida baiwar da ba ta da gari, ba wanda ya gane sai ni.

Baba ne ban ji daga gare shi ba. Ba ma irin wannan magana a waya, shi da sai ya fita bayan gari yake samun layin Nijar, kuma ba ya rasa mai tsaye kusa. Na yi makonni ina saƙe-saƙe. Wani lokaci in ce yana fushi bai ma kunna ba. Wani lokaci in ce ya kasa daurewa ya faɗa wa mutane, duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida in ɗauka mugun labari ne.

Da lokacin maganinsa ya zagayo sai ga shi. Tun daga zaure na ga bakinsa yana motsi, yana danne dariya. Bai jira ruwa ba, ya ce in turo ƙofa.

Ya ce ranar ya fitar da rediyo gindin bedi kamar yadda ya yi niyya, sai dai bai gayyaci kowa ba, ya yi kamar labarai yake nema. Mutane suka taru da kansu. Ya ce da ɗan tauri ya faɗi, liman sai da ya riƙe ciki, mai unguwa ya ce a mayar baya, aka ce masa rediyo ba ta komawa baya. Da aka gama sai gardama ta tashi a kan 'yar ina ce. Wani ya ce wannan iya shege sai mutanen Gwadabawa. Wani ya rantse 'yar Illela ce, har ya san gidansu. Wani ya ce sunan ai irin na ɗiyar Baba ne, aka yi masa ca, aka ce ita da ke fama da masu ciki ina ta ga lokacin tatsuniya, kuma da ita ce ai da an ji sunan gari. Baba ya ce yana zaune yana ta jan carbi kamar ya tsinke shi.

Na ce, "To abokin naka hwa?"

Ya ce tsohon ya fi kowa dariya. Amma da ya share hawaye sai ya gyara zama ya ce yarinya dai ta yi, Allah ya yi mata baiwa, ubanta ne mutumin banza. Ya ce wane irin uba ne zai bar ɗiyarsa ta fita duniya ba sunan gari kamar wadda aka tsinta a tasha? Ko dai ba shi da asali, ko kuma matsoraci ne. Sannan ya juyo ya dubi Baba a gaban kowa ya ce, ko ba haka ba?

Dariyata ta tsaya. Na san Baba, a kan kalmar matsoraci ya taɓa shekara ba ya magana da ƙaninsa. Na ce, "Mi kac ce mai?"

Ya ce, "Nic ce gaskiyarka. Nit taya shi. Nic ce ai wanga uba ko gaisuwa bai cancanta ba, da ni na da na sa an yi shela da kalangu. Har nif fi shi zahi, uwata, sai da liman yac ce in bari haka nan, ba kyau cin naman mutum bai nan."

Ya fashe da dariya, ni ma na fashe, muka yi ta yi har na ji yara suna buga ƙofa. Ina dariya ina kuka, don tausayinsa ya cika mini ciki, ban kuma taɓa jin girmansa a raina irin na wannan rana ba. Shi ma ya sa bakin rawaninsa ya goge ido, ya ce hayaƙin murhuna ne ya yi yawa, alhali ko wuta ban hura ba.

Ya sha ruwa, ya karɓi maganinsa ya zuba a aljihu. Sai ya tambaye ni ko akwai wani labarin a hanya. Na ce akwai wanda na fara, amma ina tunanin in haƙura, ba zan so ya sake zama a zage shi a gaban mutane saboda ni ba.

Ya ce, "Ki rubuta. Ki sake hitowa ba gari. Zagin dai na, ai yanzu na iya."